Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kundin kalmomin kuɗi don fassarar takardun kamfani

A ce wani kamfanin sarrafa abincin kaji a Kakuri ya ba mutum uku aikin fassara zuwa Hausa. Ɗaya ya ɗauki rahoton shekara, ɗaya takardar kiran taron masu hannun jari, na uku kuma yarjejeniyar rancen banki. Kowa ya iya Hausa, kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah. Amma mai hannun jarin da ya jera takardun uku a gabansa sai ya ga "riba" a shafi na biyu naira miliyan 240 ce, a shafi na tara miliyan 63, a yarjejeniyar banki kuma "riba" abu ce da kamfanin zai biya. Kundin kalmomi aka ƙirƙira don hana irin wannan, sai dai yawancin kundayen da ake haɗawa ba sa hanawa, saboda yadda aka gina su.

Kuskure na farko, kuma uwar sauran, shi ne jera kalma gaban kalma: ta Turanci a hagu, ta Hausa a dama, shi ke nan. A lissafin kuɗi ma'ana ake bi, kuma kalma guda kan ɗauki ma'ana uku. Mu bi lissafin kamfanin nan. Ya sayar da kaya na miliyan 900, masara da waken suya da aikin injin sun ci miliyan 660, saura 240. Albashin ofis, sufuri da kuɗin ruwan banki sun kwashe 150, saura 90. Haraji ya ɗauki 27, saura 63. Duka ukun nan, 240 da 90 da 63, Bahaushe zai kira su riba, kuma bai yi ƙarya ba. Idan kundin ya ce `profit` riba ce ya tsaya nan, kowane mai fassara zai ƙirƙiro nasa ƙarin bayani: wannan ya ce "tsantsar riba", wancan ya ce "ainihin riba", ba wanda ya san wace lamba ɗan'uwansa ke nufi. Gyaran shi ne kowace ma'ana ta samu layinta: riba kafin cire kuɗin gudanarwa, riba kafin haraji, riba bayan haraji. Sun fi tsawo, amma mai karatu ba zai yi tambaya ba. Miliyan 900 ɗin nan kuwa kuɗin shiga ne, kada a bari kalmar riba ta kusance shi ko a kanun labari.

Akwai wani tarko a kalmar riba da ya shafe mu musamman. A bakin ɗan kasuwa riba halak ce, ita ake fita nema. A bakin malami kuma, daga Larabci, riba ita ce ƙarin da ake ɗorawa kan bashi, wanda shari'a ta haramta. Mai fassarar da ya rubuta riba a wurin `interest` ya haɗa abin da kamfani ya samu da abin da yake biyan banki, ya kuma shigo da hukuncin addini cikin takardar da ba ta yi maganarsa ba. A rubuta kuɗin ruwa, a ware shi daga uwar kuɗi. Sai kuma a kula da juyin abin. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, da reshe a nan Kaduna cikin rassansa na farko, kamfanoni da dama na karɓar kuɗi ta hanyar murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa abokin hulɗa da ƙarin da aka amince a kai. Wannan ƙarin ribar ciniki ce. Wanda ya fassara shi da kuɗin ruwa ya ɓata yarjejeniyar daga tushe, kuma mai karatu na iya janye kuɗinsa a kan haka. Waɗannan biyun suna buƙatar layi daban-daban, kowanne da gargaɗi a gefensa.

Bashi ma haka. Kalmar ba ta faɗin wa ke bin wa. Kuɗin da dillalai ba su biya kamfani ba kadara ce, yana ɓangaren dukiya. Kuɗin da kamfani bai biya masu kawo masa masara ba nauyi ne a wuyansa. A kundin a rubuta su da cikakken fi'ili: bashin da kamfani ke bi, bashin da ake bin kamfani. A hana taƙaita su zuwa "basussuka" ko da gurbin teburi ya yi ƙanƙanta. Gara a faɗaɗa gurbin.

Kuskure na biyu shi ne rubuta kalmar da aka zaɓa kawai, ba tare da waɗanda aka ƙi ba. Mai fassarar da ya zo daga baya zai ga "rabon riba", ya ji "ribar hannun jari" ta fi daɗi a kunnensa, ya canza da kyakkyawar niyya. Da ya ga an riga an duba ta an ajiye, da dalili, da bai taɓa ba. Layi mai kyau a teburin Excel yana da gurbi shida:

```
dividend | rabon riba | kason da ake biyan masu hannun jari | A GUJI: ribar hannun jari | rahoto, sh. 14 | 03/2024
```

Gurbi na huɗu shi ne mai aiki. An guji "ribar hannun jari" ne domin tana iya nufin abin da mutum ya samu in ya sayar da hannun jarinsa da tsada, wanda wani abu ne dabam. Kuma da wannan gurbin ake bincike: kafin a miƙa aiki, a nemi kowace kalmar da aka ƙi da Ctrl+F a cikin takardar. Idan ta fito, an san inda za a gyara.

Nan ne ƙaramin abu ke ba da kunya. Wani ya buga "kuɗi" da ɗ mai lanƙwasa, wani "kudi", wani ya sa alamar ɗauri gaban harafin. Na'ura na iya ɗaukarsu kalmomi uku, sai bincike ya ce babu alhali akwai. A yanke tun a layin farko na kundin cewa ƙ, ɗ da ɓ za a rubuta, a tabbatar kowa na da madannan da ke fitar da su.

Su wa ke amincewa da kalma? Sau da yawa masu fassara kaɗai ke zama su yanke, kuma wannan bai isa ba. Ma'anar kalmomin rahoton kamfani ba daga ƙamus take fitowa ba. Tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya ke bin ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya da ake kira IFRS, kuma a can raguwar darajar inji ta yau da kullum, wadda ake rabawa kan shekarun amfaninsa, daban take da faɗuwar daraja saboda injin ya lalace ko kasuwarsa ta mutu. Akanta ne zai nuna wannan bambanci. Don haka akantan kamfanin ya duba gurbin ma'ana, mai fassara ya duba gurbin Hausa, sannan a karanta wa mutum biyu ko uku daga masu hannun jarin jimlolin misali, a tambaye su me suka fahimta. Kalma hamsin zuwa tamanin da aka tsamo daga rahoton bara sun isa farawa. Kundi mai kalma dubu da ba wanda ya tantance ya fi zama haɗari.

Saura canji. Kalma za ta canza, ba makawa. Abin da ke ɓata aiki shi ne kwafi huɗu na kundin na yawo a WhatsApp, kowa na aiki da wanda ya fara saukewa. A ajiye guda ɗaya a wuri ɗaya, mutum ɗaya ke da ikon gyara shi, kuma kowane gyara da kwanan wata. Kada a canza kalma a tsakiyar shekarar lissafi, domin rahoton bana na jera lambobin bara a gefen na bana, kuma dole suna ɗaya ya hau kansu. Idan canjin ya zama tilas, a jira sabuwar shekara, a mayar da tsohuwar kalmar gurbin waɗanda aka ƙi, a sa layi ɗaya a ƙasan shafin farko da ta fito: abin da aka kira kaza a rahoton bara, shi ne kaza a nan.