Mayar da ginin zamani mai ado da baka ba tare da an taɓa bango ko taga ba: inda aka fi yin kuskure

Ginin zamani a kwance yake, ginin baka kuwa a tsaye. Tagar zamani faɗinta ya fi tsawonta, wani lokaci ma ta zagaye bango kamar ɗamara, irin wadda Le Corbusier ya yayata a shekarun 1920. Baka kuma tsawo yake nema, da abin da zai zauna a kai hagu da dama. Yawancin ɓarnar da ake gani a irin wannan gyara daga nan take tasowa: an ɗora siffar da ke son tsawo a kan ramin da ba shi da tsawon.

Mu ɗauki taga guda mu bi ta. Faɗinta mita 2.4, tsawonta mita 1.2. Gindinta yana santimita 90 daga daɓe, samanta yana mita 2.1, ƙasan dekin bene kuma yana mita 2.7. Wato tsakanin saman taga da dekin santimita 60 ne kacal, kuma a cikinsu linta take.

Kuskuren farko shi ne zana rabin da'ira a kan faɗin tagar gaba ɗaya. Rabin da'ira tashinsa rabin faɗinsa ne, ba ragi. Faɗin mita 2.4 yana neman tashin mita 1.2, sai ƙoƙon bakan, wato ƙololuwarsa, ya kai mita 3.3, ya ratsa dekin ya shiga bangon bene. Baka mai tsini ya fi haka ci, domin wanda aka zana da faɗinsa a matsayin tsawon igiyar zana da'ira tashinsa ya kai kusan kashi 87 cikin ɗari na faɗin. Da magini ya ga wuri bai isa ba, sai ya danne da'irar da ido, ta fito kamar ƙwai a kwance, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Ko daga tsallaken titi ana gane wannan.

Mafita biyu ce. Ta farko, baka mai ɗan tashi, wanda yanki ne na babbar da'ira. Ana ba shi tashin kashi ɗaya cikin takwas zuwa ɗaya cikin shida na faɗi. A tagarmu kashi ɗaya cikin takwas santimita 30 ke nan. Ba a zana shi da ido. Ana fitar da tsawon igiyar zanen da wannan lissafi, inda s ke nufin faɗi, h kuma tashi:

```
R = s² / (8h) + h / 2
R = 5.76 / 2.4 + 0.15 = 2.55
```

Igiyar mita 2.55 ce. Tsakiyar da'irar tana kan layin tsakiyar taga, mita 2.25 ƙasa da saman tagar, wato ta ɗan nutse ƙarƙashin daɓe. Saboda haka ba a kan bango ake zanen ba. A shimfiɗa falanki a ƙasa, a kafa ƙusa, a zana, kafinta ya yanke samfuri ɗaya, duk tagogin da faɗinsu ya zo ɗaya a yi su da shi.

Mafita ta biyu ta fi kyau a ido, ita ce ma ke sauya fuskar ginin da gaske: a raba faɗin. A tsayar da siraran ginshiƙai biyu masu faɗin santimita 15 a gaban tagar, sai a sami gurbi uku, kowanne santimita 70. Rabin da'ira a kan santimita 70 tashinsa 35 ne. A ƙara faɗin zoben baka, wato adon da ke bin lanƙwasar, santimita 12, ƙoƙon ya tsaya a mita 2.57, ƙasa da dekin, har da ragowar wuri. Taga ɗaya mai kwanciya ta koma uku masu tsayuwa, ramin bangon kuma yana nan yadda yake. Sharaɗi ɗaya: ginshiƙan su faɗo daidai kan sandunan firam ɗin tagar. Idan firam ɗin kashi biyu ne aka raba waje kashi uku, na cikin ɗaki zai riƙa ganin ginshiƙi a tsakiyar gilashi, murfin taga mai buɗewa waje kuma ya daki ginshiƙin. A nan sai dai a sauya firam ko a raba wajen kashi biyu ko huɗu.

Sassaƙe linta

Wannan ne kuskuren da ke da haɗari. Mai gida yana son gilashin ya bi lanƙwasar bakan, sai birkila ya ɗauki guduma ya fara cin linta. Linta ita ke ɗauke da bangon da ke saman taga, rodin da ke riƙe ta kuma a ƙasanta yake, daidai inda ake sassaƙewa. Alamar ɓarna ba ta jimawa: tsaga mai tashi a karkace daga kusurwar taga, da murfin taga da ya fara cijewa. Ba a taɓa linta, ba a kuma rage mazauninta a kan bango, wanda bai kamata ya gaza santimita 15 a kowane gefe ba.

Baka a irin wannan aiki rufaffe ne. Zoben yana zaune a fuskar bango a saman taga, cikinsa bango ne, gilashi ya tsaya a miƙe a ƙasa. Abin da ke sa ido ya karɓe shi shi ne cikin bakan ya zama a lotse idan aka kwatanta da zoben, a kuma ba shi launi mai ɗan duhu ko zanen sassaƙa, don ya haɗu da gilashin su zama siffa ɗaya. Masu shafa masa fentin bango sak sukan ƙare da abin da ya yi kama da gira a saman taga.

Akwai masu sauko da bakan cikin ramin tagar, su toshe kusurwoyin sama. Yana yiwuwa, amma a san kuɗinsa na haske. A tagarmu, ginshiƙai biyu sun ci murabba'in mita 0.36, kusurwoyin baka uku sun ci kusan 0.16, jimla 0.52 cikin 2.88. Kusan kashi 18 cikin ɗari na gilashin ya tafi, kuma kusurwoyin daga sama suke, inda hasken da ke kaiwa ƙuryar ɗaki yake shigowa.

Bakan da ba shi da ƙafa

Ko da ado ne kawai, ido yana neman ya ga inda nauyin baka ya sauka. Bakan da ya ƙare a iska a gefen taga kamar an manna shi yake. A ba shi ɗan dutsen mazauni a inda lanƙwasa ta fara, a ƙasansa kuma ginshiƙin ado ya sauka zuwa gindin taga ko zuwa ƙasa. Layin da lanƙwasa ke farawa ya zama ɗaya a duk tagogin hawa guda. A buga shi da tiyo mai ruwa ko na'urar auna daidaito kafin a fara komai, kada a dogara da saman tagogi, domin sukan saɓa da santimita biyu ko uku. Inda tagogi suka bambanta faɗi, mafari ne ke zama ɗaya, ƙoƙo ya bambanta. Masu daidaita ƙoƙo su bar mafari yana hawa da sauka sun juya abin.

Idan za a zana gaɓoɓin duwatsu a jikin zoben, kowane layi ya nufi tsakiyar da'irar, adadinsu kuma ya zama mara, don dutse guda ya zauna a ƙoƙo. Layin gaɓa a tsakiyar ƙoƙo tonon asiri ne. Tagar kusurwa, wadda gilashi ya haɗu da gilashi ba bango a tsakani, a bar ta da miƙaƙƙen firam. Ba inda ƙafar baka za ta tsaya.

Kauri, nauyi da ruwa

Adon da ya fito santimita biyu daga bango ba ya yin inuwa, daga nesa kuma inuwa ce adon. Zobe yana son fitowar santimita 5 zuwa 8. Sai dai kauri yana zuwa da nauyi. Kwaɓin siminti da yashi yana kai kilo 2,000 a kowace mita kubik, don haka zobe mai faɗin santimita 15 da kaurin 6 yana da nauyin kilo 18 a kowace mita. Laftar wannan a tashi ɗaya a kan tsohon fenti shi ne dalilin da ya sa ado ke ɓallowa gunduwa-gunduwa bayan 'yan shekaru.

A kankare fenti har a kai filasta mai ƙwari. A ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. Inda ya yi amo kamar ganga, filastar ta saki, a cire ta. A kafa ƙusoshi ko ƙuguna na ƙarfen da ba ya tsatsa cikin bulo ko kankare, tazarar kamar santimita 30, a ɗaura ragar waya, sannan a gina kaurin hawa-hawa, kowane shafi bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, ana bari ya kama ana yayyafa masa ruwa. Baƙin ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa adon daga ciki, ya zubo jan layi a bango. Kafin a huda ginshiƙi ko dekin, a gano inda rodi yake, kuma idan dekin irin mai ɗamammun wayoyi ne a ciki, ba a huda shi sai injiniya ya nuna wuri.

Wanda ba ya son nauyi yana da zaɓi: guntayen da aka zuba da kankare mai zaren gilashi, waɗanda ake ɗaurewa da noti, ko farin soso mai tauri da aka lulluɓe da raga da siminti. Soson ya dace da sama, inda hannu ba ya kaiwa. A ƙasa ko kan keke ya buge shi sai ya lotsa. Jibsam na adon silin kuwa ba na waje ba ne, ruwa yana narkar da shi.

Bangon zamani sumul yake, ruwa ya zubo ya wuce. Duk abin da aka fito da shi ya zama matattarar ruwa. Saman kowane zobe da kowace ɗamara a karkata shi waje, a ƙasansa kuma a yanka ɗan kwarmi mai zurfin kamar santimita ɗaya, don ɗigo ya yanke a nan kada ya koma jikin bango. In babu kwarmin, baƙaƙen layuka za su sauko daga ƙafafun kowane baka. Haka nan inda ginin yake da tsagar da aka bari da gangan don motsi, adon ma a yanke shi a nan a cike da abin liƙi mai laushi. Inda bulo ya haɗu da ginshiƙin kankare a sa raga ta haye mahaɗar santimita 15 kowane gefe, domin nan ne tsaga ke fara bayyana.

Saura abin da ake mantawa saboda hankali yana kan tagogi: sama da ƙasan ginin. Bakuna a jikin akwatin da samansa ya yanke tsaf ba su isa su sauya salo ba. Ana buƙatar ɗamara mai fitowa a bakin rufi, wadda ta fi ta tagogi kauri, da kuma gindi mai ɗan tudu da ya tashi santimita 45 zuwa 60 daga ƙasa. Nau'in baka kuma ɗaya ya isa, ko biyu idan tagogi manya da ƙanana sun tilasta. Kafin a kwaɓa siminti, a yanke bakan taga ɗaya da kwali ko falanki a ainihin girmansa da kaurinsa, a rataya shi, a koma tsallaken titi a duba da safe da kuma la'asar, a buɗe murfin tagar a ga ko yana wucewa.