Yadda Hilux ɗina ta fita daga rairayin hanyar Dirkou

Bayan mun wuce Agadez, mota ta kafe a rairayi. Na ƙara ba ta wuta, tayoyi suka ƙara nutsewa. Turi ma bai yi ba.

Sai na kwashe yashin gaban tayoyin, na danna allurar bawul, na sauke iskar duka huɗun daga 2.4 bar zuwa 1.2, ina dubawa da geji. Tayar ta baje ƙasa sosai. Na sa L4, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu, na saka giya ta biyu, a hankali ta fito. Ban wuce gudun kilomita 30 ba, ban kuma karya kwana da ƙarfi ba, don kada taya ta zame daga rim.

Da muka hau ƙasa mai tauri na tsaya, na bar inji a kunne, na haɗa famfon iska da batir, na mayar da iskar 2.4. Washegari da sassafe, tayoyi sun huce, na sake aunawa. Alhamdu lillahi.