Tsara siton da ya cunkushe a gidan haya a Jos

Hoton da wata baiwar Allah sabuwar zuwa Jos ta nuna mini na ƙaramin sito ne a gidan haya. Buhun shinkafa da na masara suna zaune a kan siminti, jarkar kalanzir tana jingine da su, an jibga jakunkunan tufafi har kusa da rufi, can ƙarƙashi kuma ga kwalin takardu da barguna. Wanda ya fito daga Kano ko Maraɗi zai ɗauka matsalar rashin wuri ce kawai, amma abin da ya fi damuna a hoton shi ne danshi.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, damina kuma tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba. A watannin Yuli da Agusta bango da daɓe suna riƙe laima, don haka duk abin da ya jingina da su yana iya yin hunhuna. Alamarta ita ce warin ruma idan an buɗe ƙofa, da ɗigo-ɗigon baƙi a jikin yadi, da gindin kwali da ya yi laushi.

A zaɓi ranar da ake rana, a fito da komai tsakar gida, a share siton, a bar ƙofarsa a buɗe ya sha iska. Jarkar kalanzir ba za ta koma ciki ba, domin hatsi yana ɗaukar warinta, ga kuma haɗarin gobara. Takardun makaranta da na haihuwa a sa su a leda mai kauri, a mayar da su ɗakin kwana.

Daga nan sai a shimfiɗa katako a kan bulo biyu ko uku, wanda ana samunsa a kasuwar Katako, a ɗora buhunan a kai, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu da bango. Garin tuwo da wake su shiga bokiti mai murfi saboda ɓera. Dankalin Turawa kuwa, wanda arharsa a nan kan sa baƙo ya sayi fiye da buƙata, a zuba shi a kwando inda babu haske, ba a leda ba, in ba haka ba zai tsira ko ya ruɓe.

Tufafi su ne suka fi buƙatar a sake tunani. Bargo da rigar sanyi ba kayan ajiya ba ne a wannan gari, domin baya ga hunturun Disamba da Janairu, daren damina ma yana da sanyi, saboda haka su zauna a kantar da hannu ke kaiwa. Shaddodi da lesunan biki su hau sama, bayan an tabbatar sun bushe sarai, kuma a riƙa shanya su idan rana ta fito. Kayan da suka yi wa yara kaɗan a bayar da su tun hunhuna ba ta ɓata su ba.