Kurakuran da ake yi wajen tambayar ƙaramin yaro da zane, 'yar tsana ko tatsuniya

Na gaji da ganin sabbin ma'aikatan walwala da malaman makaranta nan Sakkwato suna maimaita kuskuren da ni ma na taɓa yi, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Babban su shi ne fiddo 'yar tsana tun yaro bai buɗe baki ba. Shekarun baya an kawo min wata ɗiya 'yar shekara huɗu, ta koma fitsarin kwance, ta bar wasa, innarta na zargin wani kawunta. Ina zama na ɗauko 'yar tsana na ɗora yatsa na ce "nan Kawu ya taɓa ki ko?" ta ɗaga kai. To duba abin da na yi cikin jimla guda, ni na kawo sunan mutum, ni na kawo wurin, ni na kawo taɓawar, ita ɗaga kai kawai ta yi, kuma ɗiyan Hausa an hore su kada su musa ma babba. Da maganar ta yi nisa anka tambaye ni wa ya fara ambatar Kawu, dole na ce ni ce. Zance ya watse. Har yau ban san abin da ya samu yarinyar nan ba, in an cuce ta na ɓata mata shaida, in ba a cuce ta ba na shafa ma bawan Allah baƙin jini, kuma abin bai bar raina ba.

Ba ni kaɗai abin ya ci ba. A 1995 masu bincike Bruck da Ceci sun tambayi yara 'yan shekara uku bayan likita ya duba su, da yawa cikin waɗanda likitan bai ko taɓa al'aurarsu ba sun nuna jikin 'yar tsana cewa an taɓa. Ɗan shekara uku bai gane tsanar nan shi take wakilta ba, abin wasa ya gani, zai tuɓe ta ya tura yatsa duk inda rami yake. Don haka ni yanzu ƙasa da shekara huɗu ba na fiddo ta sam, wanda ya fi haka ma sai ya riga ya faɗi abu da bakinshi, sannan in ce "nuna min abin da ka faɗa", in ya nuna in maida ta jaka.

Ga yadda nike farawa, na ɗauko shi daga tsarin NICHD, wato tsarin tambayar yara da ya fito daga wata cibiyar binciken lafiyar yara ta Amurka. Mu zauna kan tabarma, in ce mishi in bai sani ba ya ce bai sani ba, in na yi kuskure ya gyara min, har in gwada shi, in ce ma ɗan shekara biyar "kai da kake shekara biyu" in ga ko zai gyara. Sai in sa ya ba ni labarin ranar Sallah tun daga tashi barci, don bakinshi ya saba. Sannan "gaya min abin da ya sa anka kawo ka", "sai mi ya faru", "ka ce ya ja ka zaure, ƙara gaya min zancen zauren". Kalmarshi nike maida mishi, ba tawa ba.

Zane kuma, don Allah ku bar duba irin na boka! Yaro ya zana mutum da manyan hannuwa ko ya cika takarda da ja sai ka ji wata ta ce jini ne, an dake shi. Wani yaro da sunka gudo daga wajen Sabon Birni ya cika min takarda da ja, na ce "ba ni labarin wannan", ya ce tattasai ne innarshi ta shanya bisa rufi ranar da mutanen sunka shigo, daga nan fa labarin ya ɓalle. Amfanin zane ke nan, hannu na aiki baki na sakewa, shaidar tana cikin abin da ya faɗa. Rubuta maganarshi yadda ta fito a wata takarda daban, da kwanan wata.

Tatsuniya ita ma tarko ce. Kada ki ce "ga ta nan ga ta nanku, wata yarinya kawunta ya kira ta ɗaki", kin riga kin dasa mata labarin, gobe ita ma ba ta iya raba naki da nata. Gizo da Ƙoƙi na sakin jiki ne, ko lallashi bayan an gama, kuma kalmar "mu yi wasan kamar" ba ta shiga tambaya.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓarna. Maimaita tambaya guda, yaro zai ɗauka amsar farko ba daidai ba ce ya canza. Alewa ko "yauwa ɗan albarka" bayan amsar da kike so. Barin inna zaune tana zare ido. "Don mi ba ka yi ihu ba", wannan ɗora laifi ne. Tambayar wace rana ko sau nawa, ɗan shekara huɗu bai iya ba, ki bari ya ce kafin Magariba ko lokacin azumi.

In kuma ya faɗi abin da ya shafi fyaɗe, ki tsaya nan kada ki tona, kada a bi gida gida kowa na sa shi maimaitawa, a kai shi cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Kwararru tun a ranar.