Tambayi kanikawa kafin ki sayi mota

'Yar'uwa, kafin ki biya kuɗin mota, zagaya gareji uku ki tambayi kanikawa kayan gyaran wace mota ake samu yau-yau a Damagaram.

Wata biyar na yi ina bincike. Yayana ya dage sai Marsandi, kawu ya ce Fijo, har muka yi sa-in-sa. Wani bakanike a Sabon Gari ya ɗora mini birkin Toyota Corolla a tafin hannu, ya ce: "Hajiya, wannan ko'ina akwai. Na Marsandi ko Fijo sai an aika Kano, motarki ta kwana huɗu a nan."

Corolla na saya, hankalina kwance.

Amma ki kula. In kina yawan shiga ƙauyukan Tanut, rairayi zai riƙe ta, cikinta ƙasa-ƙasa ne. Kuma bakaniken da dillali ya kawo, bakinsu ɗaya.