Babi na Bakwai: Kumburin Ƙafafu Biyu da Gwajin Yatsa

Darasi na ɗaya: yadda ake dannawa

'Yan uwa, a ajiye fensir tukuna. Yau da hannu za mu fara aiki, rubutu ya biyo baya.

Mutum yakan wayi gari takalminsa ya matse shi, ko ya cire safa da yamma ya ga ta bar masa zane mai zurfi a ƙafa. Wani ya ce ƙiba ce, wani ya ce sanyi ne, wani ya ce an taka sammu. Kafin a ce komai akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida, ba ya cin ko sisi. Gwajin zai nuna ko ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata.

Ka zaunar da mai kumburin, ya miƙe ƙafarsa. Ka nemi idon sawu, wato ƙashin nan da ya turo a gefen ƙafa, ta ciki. Ka haura sama da shi kamar faɗin yatsu 3 ko 4, ka lalubi ƙashin ƙwauri. Za ka ji shi da tauri a ƙarƙashin fata. A nan za ka ɗora babban yatsanka. Ka danna da ƙarfi daidai gwargwado, ba na mugunta ba, ka riƙe, ka ƙirga a hankali: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Sai ka ɗaga yatsa ka duba. In wurin ya lotsa, gurbin yatsa ya tsaya kamar an danna malmalar tuwo mai ɗumi, to ruwa ne. In fatar ta dawo nan take, ba irin kumburin da muke magana a kai ba ne.

Mu sake. Ina za a danna? A kan ƙashi. Ba a sharaɓa ba, inda tsoka take. Tsoka tana da laushi, yatsa zai nutse ya fito bai gaya maka komai ba. Ƙashin nan shi ne yake tare ruwan daga baya, yatsa ya ture shi gefe, gurbi ya bayyana.

Sannan ƙirgar. A nan ne kusan kowa yake faɗuwa, kuma ba abin kunya ba ne, ni ma da aka fara koya mini sauri na yi. Mutum ya taɓa fata ya janye kamar ya taɓa tukunya a kan wuta, ya ce, "Malam, babu komai." Ruwan yana bukatar lokaci kafin ya gusa. Ka ƙirga da baki, a ji muryarka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Kada ka ɗaga yatsa a uku. Inna, ke ma da kike cewa idonki ba ya gani sosai, ba a bar ki a baya ba: bayan kin ɗaga yatsa, ki shafa wurin da tafin yatsa, za ki ji ramin ko ba ki gan shi ba.

Yanzu ɗaya ƙafar. A kan ƙashi, a riƙe, a ƙirga biyar. Dole a gwada duka biyu, don amsar ta bambanta. In ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, musamman in tana zafi, ta yi ja ko ɗumi, ana tsoron jini ya daskare a jijiya ko ƙwayar cuta ta shiga, kuma wannan na zuwa asibiti ne a ranar, ba a yi mata tausa. In kuwa duka biyu ne suka lotsa, yawanci matsalar ba a ƙafar take ba. Ƙafa dai ita ce ƙasa, ruwa kuma gangare yake bi. Shi ya sa wanda ya daɗe a kwance ba a ƙafa kawai ake duba shi ba, ana danna ƙasan bayansa, saman kuturi, don can ruwan yake kwanciya.

Kowa ya juya ga na kusa da shi, maza da maza, mata da mata. A kan ƙashi. A riƙe. A ƙirga biyar. Ƙafa biyu. Madalla, haka ake yi. Wanda bai samu ba ya sake, ba gudu muke ba.

Darasi na biyu: in daga zuciya ne

Zuciya famfo ce. In ta gaji, jini ba ya komawa gare ta da sauri, sai ya yi cunkoso a jijiyoyi, ruwan cikinsa ya riƙa tsattsafowa cikin nama. Ƙoda kuma, da ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta riƙe gishiri da ruwa, abin ya ƙaru. Kumburin zuciya ya fi yawa da yamma bayan an wuni a tsaye ko a zaune, ya ɗan sauka da safe. Abokin tafiyarsa shi ne haki.

Mu ɗauki misali. Mace ce ta haihu wata 1 da ya wuce. Tana wankan jego safe da yamma da ruwa mai zafi, tana shan kunun kanwa kamar yadda aka saba. Sai ta lura silifas ɗinta ba ya shiga. Uwar mijinta ta ce jego ne, zai wuce. Ƙanwar mai jegon ta danna mata ƙwauri ta ƙirga biyar: dama ta lotsa, hagu ta lotsa. Sai ta yi mata tambaya uku. "Yaya, in kin ɗebo ruwa kina haki fiye da da?" Ta ce ko shara ba ta iya gamawa. "Da filo nawa kike kwana?" Ta ce da can ɗaya ne, yanzu sai ta tara uku, in ta kwanta ɗai-ɗai sai ta ji kamar an danne mata ƙirji. "Kina farkawa cikin dare numfashi ya sarƙe?" Ta ce jiya ma sai da ta tashi zaune tana tari.

Wannan ba jego ba ne. Alamun gazawar zuciya ne, kuma irin wadda take kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa 'yan watanni bayan haihuwa sananniya ce a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawanta, suka kuma yi zargin cewa kanwa da zafin jego suna ƙara wa zuciya nauyi. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa. Hakin kwanciya kuwa ga dalilinsa: in ta miƙe, ruwan da ya wuni a ƙafa yana komawa ƙirji, ya taru a huhu.

Matar nan asibiti za a kai ta yau, ba bayan arba'in ba. Za a auna hawan jini, a saurari ƙirji, a gwada fitsari da jini, in da hali a yi hoton zuciya. Kanwa kuma a dakatar da ita. A wurin maza da tsofaffi, babban mai gajiyar da zuciya shi ne hawan jinin da aka bari ba magani.

Wanda likita ya riga ya ce yana da ciwon zuciya, ya riƙa hawa sikeli kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo, ya rubuta lambar. Ga amfanin karatun da kuke yi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. In nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ba tuwo ba ne, ruwa ne, a koma asibiti.

Yanzu zan yi faɗa, ku yi haƙuri. Na gaji da jin cewa an je kemis an sayo ƙwayar fitsari, wadda ake kira lasis, an sha, ƙafa ta saɓe, an ce an warke. Ƙwayar tana fitar da ruwa, ba ta gyara abin da ya tara shi. Wanda ya sha ta da ka, tana iya zubar masa da sinadaran jini, ta jigata ƙodarsa. Likita ne zai ce a sha, ya faɗi nawa. Haka masu tsaga ƙafa da aska wai ruwa ya fita. Fatar da ta kumbura ba ta warkewa da wuri, gyambo kuke nema. Kuma makon jiya da na zagaya aji, rabinku a sharaɓa kuke dannawa, kuna ɗaga yatsa a biyu. Sau nawa zan faɗa? A kan ƙashi, a ƙirga biyar.

Darasi na uku: in daga ƙoda ne

Ƙoda rariya ce, tana tace jini. In ta lalace, ko dai ta kasa fitar da gishiri da ruwa, ko ta riƙa zubar da furotin cikin fitsari. Furotin ɗin nan shi ne yake riƙe ruwa a cikin jijiya, in ya ragu sai ruwa ya tsere cikin nama.

A nan fuska za ku duba, da sassafe. Fatar ido takan kumbura in an tashi daga barci, ta sauka da rana, ƙafa ta karɓa. Sai fitsari: yana kumfa kamar an zuba omo, kumfar ba ta mutuwa da wuri? Ya ragu? Ya yi kalar shayi? Masu ciwon suga da masu hawan jini su suka fi shiga wannan haɗari. Mai irin wannan kumburi ya guji magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Gwajin farko mai sauƙi ne, ɗan tsinken takarda ake tsomawa a fitsari.

Gishiri kuma a rage, ko zuciya ce ko ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafi.

Mai ciki da ta wuce mako 20, in kumburi ya kai fuska da hannu, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, a kai ta a auna hawan jini yanzu, kafin jijjiga ta zo.

Darasi na huɗu: in daga hanta ne

Hanta ce take ƙera furotin ɗin da muka ambata. In ta ƙeƙashe, ba ta yin isasshe. Alamarta ciki ne: yana girma da ruwa, hannuwa suna ramewa. A duba farin ido a hasken rana, ko ya yi rawaya irin na shawara. A ƙasashenmu ciwon hanta nau'in B yana cikin manyan dalilai, sai giya. Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko rikicewar hankali, duk na gaggawa ne.

Darasi na biyar: abin da za a tafi da shi

Wasu magunguna ma suna kumbura ƙafa biyu, kamar amlodifin na hawan jini. Kada a daina sha, a kwashi duk kwalayen a nuna wa likita.

Aikin gida: kowa ya gwada mutum biyu a gidansu, ya rubuta a littafinsa "dama" da "hagu", a gaban kowace ya sa "ta lotsa" ko "ba ta lotsa ba". A zo da littafin ranar Asabar.