Yadda ake bin takardar gwajin jinin mai ciwon ƙoda, daga fosfat zuwa ƙarancin jini

Mai ciwon ƙoda da ya daɗe kan zo da koke biyu: kasala da haki, sai ciwon ƙashi da ƙaiƙayin da ke hana barci. Tushensu ɗaya ne. Ƙoda ce ke fitar da fosfat ta fitsari, ita ke mayar da bitamin D mai aiki don hanji ya tsotsi kalsiyam, ita ce kuma ke yin EPO, sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini. In ta gaza, fosfat ya taru, kalsiyam ya sauka, sai wasu ƴan ƙullutai huɗu da ke bayan maƙoƙo a wuya su yi ta zubo hormon PTH, shi kuma ya riƙa yasar kalsiyam daga ƙashi. Shi ya sa ba a karanta lambobin nan a warwatse, bi da bi ake binsu.

A ce wata Hajiya ce daga Tawa, mai nauyin kilo 60, da ake wa wankin jini sau biyu a mako a Yamai. Ga takardarta, inda Hb ke nuna yawan jini, feritin ke nuna ƙarfen da jiki ya ajiye, CST kuma ke nuna ƙarfen da ke yawo a jini:

```
Phosphorémie  68 mg/L
Calcémie      80 mg/L
Albuminémie   30 g/L
PTH           720 pg/mL
Hb            8,6 g/dL
Ferritine     90 ng/mL
CST           14 %
```

Mataki na farko, a dubi fosfat. Daidai shi ne 25 zuwa 45 mg/L, nata 68. A lura da ma'auni, don wasu ɗakunan gwaji na rubuta mmol/L, inda daidai ke tsakanin 0,8 da 1,45. Injin wanki ba ya kwashe duk abin da mutum ya ci a mako, balle zama biyu kawai, saboda haka sai an haɗa da gyaran ci. Wanda ya fi saurin shiga jini shi ne fosfat ɗin da masana'anta ke zubawa a lemun kwalba baƙi, cukun kwali da naman gwangwani, kusan duka hanji ke tsotse shi. Na madarar gari, nono, cuku da kilishi ke biye. Na wake, gyaɗa da gero kuwa kusan rabi ko ƙasa da haka ke shiga. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a hana majiyyaci nama, ƙwai da wake gaba ɗaya har ya rame. Albumin ɗin Hajiya, wato furotin ɗin da ke cikin jininta, 30 ne, ya yi ƙasa, tana buƙatar abinci mai gina jiki. A cire lemun da cukun, a rage nonon da ake dama fura da shi, a tafasa nama a zubar da ruwan farko, a ba ta farin ƙwai.

Sai ƙwayar da ke kama fosfat, galibi kalsiyam kabonat. A cikin hanji take aiki, ta haɗu da fosfat ɗin abinci su fita tare ta bahaya. Don haka a tsakiyar cin abinci ake shan ta, bayan loma biyu ko uku. Wanda ya sha ta da asuba cikinsa wayam bai kama komai ba, kalsiyam kawai ya ƙara wa jininsa. In an tsallake abinci a tsallake ƙwayar, in kuma kwanon dare ya fi na safe nauyi, a tambayi likita a karkata mafi yawanta can. Ƙwaya mai 1250 mg na ɗauke da 500 mg na zallar kalsiyam, kuma ba a son zallar ta wuce 1500 mg a yini. Kada a musanya ta da maganin ƙwannafi mai alminiyam, yana taruwa a ƙashi da ƙwaƙwalwa.

Mataki na biyu, kalsiyam, amma a gyara lambar tukuna. Kusan rabinsa manne yake da albumin, in albumin ya yi ƙasa sai kalsiyam ya nuna ƙarancin da bai kai haka ba. A lissafin gyaran, 40 shi ne albumin na mai lafiya, 30 kuma nata:

```
80 + 0,8 × (40 − 30) = 88 mg/L
```

Ashe tana cikin daidai, wato 85 zuwa 105. Da an ga 80 an yi ta loda mata kalsiyam alhali fosfat na 68, su biyun sai su haɗu su daskare a bangon jijiyoyin jini da ƙofofin zuciya. In lambar da aka gyara ta haura 105, likita kan rage ƙwayar ko ya koma sebelama, wadda ba kalsiyam a cikinta, sai dai ta fi tsada.

Mataki na uku, PTH. Ga mai wankin jini ba a neman ya dawo na mai lafiya. Ana son ya tsaya tsakanin ninki 2 da ninki 9 na iyakar sama ta ɗakin gwajin. In iyakar 65 ce, wajen 130 zuwa 585 ke nan. Nata ya wuce. Duk da haka ba a gaggauta alfakalsidol, wato maganin bitamin D da ke sauko da PTH, domin yana ƙara tsotsar fosfat da kalsiyam duka. Sai fosfat ya sauko ake farawa da 0,25 µg, a sake gwaji bayan mako biyu zuwa huɗu. In aka danne PTH ƙasa da 130, ƙashi kan daina sabunta kansa, ya karye cikin sauƙi.

Mataki na huɗu, jinin kansa. Ƙa'idar ita ce ƙarfe kafin EPO, don allurar umurni kawai take ba ɓargo, ƙarfen ne kayan aikin. Feritin ƙasa da 200 da CST ƙasa da 20 ga mai wankin jini ƙarancin ƙarfe ne ƙarara. Ƙwayar ƙarfe ba ta cika wadatar da irin su Hajiya ba, saboda hanjinsu ba ya tsotsarsa sosai kuma kowane zama ana asarar jini a bututun inji. Ta jijiya ake ba su, sau da yawa 100 mg a kowane zama har sau goma, kuma ba a ba shi lokacin zazzaɓi. Wanda bai kai ga wanki ba yana iya shan ƙwaya, amma awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa, nesa da kalsiyam kabonat da shayi, don dukansu suna ɗaure ƙarfen. A kuma lura, feritin na hawa idan akwai maleriya ko wani kumburi, sai ya ɓoye ƙarancin.

Ana fara EPO idan Hb ta yi ƙasa da 10. Farawa da raka'a 50 a kowane kilo, ga Hajiya raka'a 3000 ke nan a allura ɗaya, likita ne ke tsayar da sau nawa a mako. A ajiye ta a firiji, tsakanin digiri 2 da 8, ba a ɓangaren ƙanƙara ba; mai ɗauko ta daga farmasi a zafin Afrilu ya zo da ita a cikin kula. Ana so Hb ta hau da 1 zuwa 2 a wata, ta tsaya tsakanin 10 da 11,5. Kai ta 13 na jawo hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiyar da ake wankin ta cikinta.

In wata biyu suka wuce Hb ba ta motsa ba, kada a tsaya ga ƙara allura. A sake duba ƙarfe, a nemi maleriya da tsutsar ciki, a tambayi baƙin bahaya ko yawan jinin al'ada, a duba ko bututun wanki na wuya ya kamu da ƙwayar cuta. Sannan a koma kan PTH, domin in ya daɗe a sama yana sa ɓargo ya yi tabo ya daina jin EPO. Ga Hajiya, a auna Hb, fosfat da kalsiyam kowane wata, feritin, CST da PTH kowane wata uku, a ɗebi jinin kafin a haɗa ta da inji, kuma a riƙa zuwa da tsofaffin takardu don likita ya jera su.